An riƙe maka kuɗin aikinka a dandali? Ga abin da ake tarawa, ga yadda ake ba da amsa



Yau zancen ya shafi wani sabon ci-rani da matasanmu suka shiga, wanda ba a hawa mota a kansa. Mutum yana zaune ɗakinshi a Madawa, yana fassara daga Hausa zuwa Faransanci, ko yana saurarar hira yana rubuta ta, ko yana ɗaukar murya, ko yana zana tambari, wanda ya ba shi aikin kuwa yana Turai ko Amurka. Tsakaninsu akwai dandali irin su Upwork da Fiverr. Dandalin ne ke haɗa su, shi ke karɓar kuɗi hannun kiliyan, shi ke miƙa wa ma'aikaci bayan ya cire kasonshi. Wata safiya sai saƙo ya shigo cewa an taƙaita kontinka, ba ka iya neman sabon aiki, ba ka iya fitar da kuɗi, sai an gama bincike. Kuɗin da aka yi lissafin taki da su, ko na lakkol ɗin ƙanne, ko na magani, ga su kana gani a allo amma ba su taɓuwa. Abin da mutum zai yi a kwana biyu ukun farko shi ke sa kuɗin su fito ko su daɗe.

Mu fara raba abubuwa ukku da ake haɗawa wuri guda, domin kowane da maganinshi.

Na farko, kuɗin da lokacinsu bai yi ba. Wanga ba matsala ba ce, tsari ne. A Upwork, idan aikin awa-awa ne, satin aiki yana rufewa ranar Lahadi da tsakar dare a agogon UTC, wato ƙarfe ɗaya na daren da za a wayi gari Litinin a wurinmu, tunda Nijar ta wuce UTC da awa guda. Daga nan kiliyan yana da ƴan kwanaki ya duba awoyin, kuɗin kuma ga yawancin mutane sai kwana goma bayan rufe satin suke zama na fitarwa, wato Laraba ta biyu. Idan aikin yanke ne, kiliyan yana da kwana 14 ya amince ko ya ce a gyara, bayan ya amince a ƙara kwana biyar na tsaro. A Fiverr, idan ka miƙa aiki kiliyan bai ce komi ba har kwana ukku, odar takan rufe da kanta, sannan a jira kwana 14 kafin kuɗin su wanke. Duk wanda bai san wanga lissafi ba zai tada hankalinshi a banza.

Na biyu, taƙaitawa don bincike. Alamarta ita ce kana iya shiga kontin, akwai sanarwa a sama ko a imel, kuma an ce ka kawo wani abu: katin shaida, hoton fuska, takardar wurin zama, ko bayani kan wani kontaragi. Nan ƙofa a buɗe take, amsa ake jira.

Na ukku, rufewa gaba ɗaya. Ko a nan ba lalle ba ne kuɗin sun tafi. Dokar Fiverr, misali, ta ce wanda aka rufe wa konti yana iya fitar da abin da ya rage bayan kwana 90, idan ya tabbatar cewa kontin nashi ne. Dalilin jiran shi ne, kiliyan da ya biya da katin banki yana iya komawa bankinshi bayan makonni ya ce bai yarda da biyan ba, bankin ya janye kuɗin. Dandali yana riƙe naka don kada asarar ta faɗo kanshi. Dokokin nan sukan canza, don haka a karanta abin da shafin taimakon dandalin ya ce a ranar da abin ya faru. Amma kafin komi, ka karanta saƙon sau biyu a natse, ka gane cikin ukkun nan wanne ne naka.

To mi ke sa a taɓa kontin mutumin da bai cuci kowa ba? Ku tuna da kasuwar albasa. Baƙon da ya zo daga Ghana ko Kwaddibuwa bai san manomi ba, dillali ya sani. Dillali kuwa ya san manomin, ya san garkarshi, ya san ubanshi. Dandali dillali ne wanda bai taɓa ganin fuskar kowa ba. Abin da yake gani sunan da ka rubuta, takardar da ka aika, ƙasar da rezonka ya nuna, na'urar da ka shiga da ita, da asusun da kuɗi za su faɗa. Idan waɗannan suka yi daidai da juna, ba ruwanshi da kai. Idan biyu suka saɓa, sai ya tsayar da komi har wani ma'aikaci ya duba. Tambayoyinshi huɗu ne kawai: wa ke da kontin, ina yake zaune, shi ya yi aikin da hannunshi, kuma kuɗin wurin wa za su.

Mu nan yankin, yadda muke rayuwa ma kan sa abubuwan su saɓa ba tare da mugun nufi ba. Suna guda ana rubuta shi Mahamadou a takardar haihuwa, Mahamane a katin ɗan ƙasa, Mohamed a intanet. Wani ya sa sunan uba gaba, wani ya sa shi baya, wani ya ƙara na kaka. Da yawanmu da takardar alƙali aka yi muna shaidar haihuwa, aka rubuta ɗaya ga Janairu, alhali a dandali mutum ya sa ranar da uwarshi ta faɗa mishi. Unguwanninmu ba lambar gida, faktir ɗin NIGELEC kuwa da sunan baba ko mai gidan haya yake fita. Kudancin Madawa, wajen Bangi, Najeriya ce a bakin ƙofa, mutane da yawa suna da layi biyu, in rezon gida ya ƙi sai a kunna na can, dandali kuwa ya ga mutumin Nijar ya bayyana a Najeriya. Ga odinater guda da abokai ukku ke karɓa-karɓa, kowa da kontinshi. Ga kuma abin da ya biyo bayan takunkumin CEDEAO na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran a watan Agusta kuma aika kuɗi ta banki ya yi wuya har aka ɗage takunkumin a Fabarairun 2024. Na san waɗanda a lokacin suka sa asusun ɗan uwa da ke waje don karɓar kuɗinsu, kuma har yau ba su canza ba. A wurinmu wanga zumunci ne. A idon dandali kuwa kama yake da an sace konti ana karkatar da kuɗi, shi ya sa Upwork ya ce sunan da ke kan asusun karɓar kuɗi dole ya zama naka.

Bari in kawo muku labarin wani ƙanena, ɗan Buza mazaunin Madawa, wanda na zauna da shi muka haɗa dosiyenshi. Ya yarda in ba da labarin, ba tare da sunanshi ko sunan dandalin ba.

Aikinshi saurarar hirarrakin da aka ɗauka da Hausa, ya rubuta su, ya fassara zuwa Faransanci. Yana da kiliyan biyu. Na farko awa-awa: awa 15 a kan dala 12 ta Amurka kowace awa, ya kama 180. Na biyu aikin yanke ne kashi ukku, kowane kashi 120. Ya miƙa kashi biyu an amince, 240 ke nan. Jimilla 420 kafin dandali ya cire nashi, wato jika ɗari biyu da ƴan kai a kuɗinmu. Kashi na ukku yana cikin yi sai saƙo ya shigo: an tsayar da fitar da kuɗi, ana son ya tabbatar da ko shi wane ne da inda yake zaune, ya kuma yi bayanin awoyin da ya rubuta a kontaragin farko.

Ya zo ranshi a ɓace. Ya ce, "Yaya, walle ni dai buɗe wani kontin zan yi da sunan matata, in ci gaba." Na ce mishi, "Ƙane, wannan ita ce hanyar da za ta rufe duka biyun." Konti na biyu daga odinater guda, da rezo guda, dandali na gane shi, kuma abin da da bincike ne sai ya koma laifi tabbatacce. Muka aje wannan, muka ɗauko kaye, muka rubuta duk abin da ya canza a wata guda kafin saƙon. Wanga shi ne aikin farko, domin su ba kasafai suke faɗa maka ainihin abin da ya tada binciken ba, kai za ka nemo shi.

Abu ukku suka fito. Ya ƙara sabon asusun banki kwana shida kafin saƙon, kuma a bankin sunan ubanshi ne gaba, rubutun sunan nashi ma da bambancin harafi biyu da na dandali. Ya je biki wajen dangin uwarshi a Najeriya ya yi kwana tara, yana aiki daga can da layin can. Sannan cikin awa 15 ɗin nan, 12 ne kawai na'urar ƙidayar lokaci ta ɗauka, sauran ukkun da hannu ya shigar, saboda ranar rezo ya faɗi ya yi aikin ba intanet. Kowane ɗaya shi kaɗai ƙaramin abu ne. Haɗuwar su ukku a wata guda ita ce ta yi kama da wani ya karɓe kontin daga wata ƙasa, ya sa asusunshi, ya ƙara awoyi.

Da muka gane haka, tara shaida ya zo da sauƙi, don mun san abin da za a amsa.

Kan suna, ya ɗauki hoton katinshi na ɗan ƙasa da rana, a kan tabarma mai launi guda, kusurwa huɗu duk suna fitowa, ba walƙiyar fitila, ba yatsa a kan rubutu. Ya karɓo takardar banki mai nuna sunan mai asusu da lambarshi. Bai taɓa ko harafi ɗaya a hotunan ba. Ina jaddada wanga: kada ka gyara hoton takarda, ko da haske kake son ƙarawa a wurin da tawada ta dushe. Katinmu na takarda da muka saba yakan tsufa a aljihu, kuma in na'urarsu ta kasa karantawa, gara ka sabunta shi a kumsariya ko ka yi amfani da fasfo in kana da shi. Takardar da aka taɓa, in sun gane, ba a sake sauraron mai ita. Sannan ya roƙi a gyara sunan da ke dandali ya koma daidai da na katin, harafi da harafi, tunda katin shi ne asali.

Kan wurin zama, faktir ɗin kuran da sunan mai gidan haya yake, ba zai yi amfani ba. Ya je ya yo takardar shaidar zama, wadda ake kira satifika ta rezidansi, mai sunanshi da unguwarshi da hatimi da kwanan wata na kusa. Ya haɗa da takardar bankin, wadda ita ma ta nuna Madawa. Ba kowane dandali ke karɓar kowace takarda ba, don haka a duba jerin da suka bayar cikin saƙon, in taka ba ta ciki ka tambaya kafin ka aika. Batun tafiya kuwa, ya rubuta ranar fita da ranar dawowa, ya faɗi cewa da layin Najeriya ya yi aiki a tsakanin. Tafiya ba laifi ba ce. Ɓoye ta ne ke zama laifi, musamman ga mai kunna VPN don ya nuna yana wata ƙasa.

Kan aikin kanshi, nan ne sa'arshi ta fito, domin yana da ɗabi'ar aje komi. Fayilolin murya da kiliyan ya aiko suna nan. Rubutun farko na Hausa yana nan, fassarar farko da wadda aka gyara suna nan, kowanne da ranar da aka adana shi. Mun yi tebur mai layi-layi: rana, lambar hira, tsawon muryar a minti, awoyin da aka ci, sunan fayil da aka miƙa, da ranar da kiliyan ya amsa. Awoyi ukkun nan na hannu sun faɗa kan hira guda mai minti 35, kuma fayil ɗin ya nuna an adana shi a yammacin ranar. Duk wanda ya taɓa rubuta hira ya san minti 35 na magana ya ci awa ukku cikin sauƙi, ballantana hirar ƙauye da mutane ke katse juna. Ya kuma samo saƙon da ya aika wa kiliyan a cikin dandali washegari yana cewa jiya rezo ya faɗi, zai shigar da awa ukku da hannu, kiliyan ya amsa da to. Wanga saƙo ɗaya ya fi dogon rantse-rantse amfani.

Ku lura da kalmar "cikin dandali". Masu bincike suna iya buɗe duk abin da aka rubuta a akwatin saƙon dandalin su gani da idonsu. Hoton hirar WhatsApp ba su da hanyar tabbatar da shi, wani lokaci ma yakan jawo tambayar ko kuna shirin biyan kuɗi a waje ne, abin da dokarsu ta hana. A Upwork, awoyin da manhajar ƙidaya ta ɗauka suna shiga wurin da ake kira Work Diary, da hoton allo sau ɗaya a kowane minti goma, da ɗan bayanin abin da kake yi. Kariyar biyan awa-awa tana kan waɗannan ne, ba ta rufe awoyin da aka shigar da hannu ba. A aikin yanke kuwa, kariyar tana kan kashin da kiliyan ya riga ya zuba kuɗinshi hannun dandali, kuma ka miƙa aikin ta maɓallin miƙawa, ba a saƙo kawai ba.

Muka haɗa komi fayil huɗu, ba hoto talatin a warwatse ba:

```
01_identite.pdf
02_residence_banque.pdf
03_tableau_heures.pdf
04_messages_livraisons.pdf
```

Abu ɗaya muka kiyaye: hirarrakin na kiliyan ne, akwai sirrin mutane a ciki. Ba mu aika muryoyin ko cikakken rubutun ba. Mun aika hoton jerin fayiloli da ranakunsu da shafin farko, muka ce sauran suna nan in ana buƙata.

Sai amsa. Ka sa a ranka wanda zai karanta yana da dosiye da yawa gabanshi, bai san Buza ba, bai san mi ake nufi da takardar alƙali ba, kuma ƴan mintoci zai ba ka. Ka amsa a cikin tikitin da suka buɗe, daga imel ɗin da aka yi rajista da shi. Da Turanci ake yawan aiki da su. In naka bai kai ba, ka rubuta da Faransanci mai sauƙi, ka kai wa malamin Turanci na lise ya juya maka, ka tabbata ka fahimci kowace jimla, domin in an kira ka a bidiyo a kan abin da ka rubuta za a tambaye ka. Ga ma'anar abin da ƙanen nawa ya aika:

"Barka da aiki. Ina amsa saƙonku kan tikiti mai lamba kaza. Ni ne mai wanga konti, ni kaɗai ke shiga shi, a Madawa, jihar Tawa, Nijar nake zaune. Na ɗaya, sunana a banki ya bambanta da na dandali wajen jeri da harafi biyu. Na haɗa katina da takardar banki, ina roƙon a gyara na dandali ya bi katin. Na biyu, daga rana kaza zuwa rana kaza ina Najeriya wajen dangi, na yi aiki da layin can, yanzu na dawo. Na ukku, cikin awa 15 na kontaragi kaza, 12 na'ura ta ɗauka, ukku na shigar da hannu ranar kaza saboda yankewar rezo. Kiliyan ya amince a saƙonshi na rana kaza, yana fayil na huɗu. A shirye nake a kira ni ta bidiyo. Ina son sanin ko akwai sauran takarda da ake buƙata, da kuma lokacin da kuɗin da aka riƙe za su fito. Na gode."

Ku dubi abin da babu a ciki. Ba zagi, ba barazanar kai ƙara, ba labarin rashin lafiyar gida. Ba wai ciwon ba gaskiya ba ne, amma mai binciken ba shi da ikon buɗe konti don tausayi, shaida yake nema da zai dogara da ita. Kowace magana tana da rana, da adadi, da fayil ɗin da ke goyon bayanta. Kuma inda mutum ya san ya taka doka, misali ya bar abokinshi ya yi mishi wani aiki da kontinshi, gara ya faɗa a jimla guda, ya faɗi abin da ya gyara. Su suna da bayanan shiga gabansu, ƙarya guda in ta fito sai ta ɓata gaskiya tara da ke tare da ita.

Bayan aikawa sai haƙuri, wanda shi ne mafi wuya. Kada ka buɗe sabon tikiti kowace safiya, domin hakan kan raba dosiyen ko ya mayar da kai baya a layi. Ka jira wa'adin da suka faɗa, in ya wuce ka tuna musu a layi biyu cikin tikiti ɗaya ɗin. Kada ka canza suna, imel, lambar waya ko asusun banki a tsakiyar bincike sai in su suka ce. Ka sanar da kiliyanka a cikin dandali cewa ana duba kontinka, in zai iya rubuta musu cewa ya karɓi aikin kuma ya gamsu, to madalla. Amma kada ka ce ya aiko kuɗin ta wata hanya.

Ranar kiran bidiyo ma tana son shiri irin namu. Ka cika sharji tun da wuri, ka sayi forfe mai isa, ka gwada inda rezo ya fi ƙarfi a gidan, ka zauna haske na fuskantarka, katin asali a hannu, ba fotokofi ba. Kada kowa ya zauna gefenka yana raɗa maka amsa. Sukan yi tambaya kan sana'ar da ka ce ka iya, mai aikinshi da hannunshi kuwa ba ya tsoron wannan.

A wanga lokaci ne kuma ƴan damfara ke fitowa. Da ka yi kuka a wani guruf, wani zai biyo ka ta bayan fage ya ce yana da mutum a ciki, ka turo jika ashirin ta waya a buɗe maka yau. Ba wanda ke buɗe konti da kuɗi. Ma'aikatan dandali ba sa neman kalmar sirrinka, ba sa neman lambar da ke shigowa wayarka. Saƙon da ya zo da mahaɗi, kada ka danna, ka shiga dandalin da kanka ka duba ko sanarwar tana can. In babu ita a can, tarko ne.

Yaya ta ƙare da ƙanen nawa? Sun dawo mishi sau ɗaya suna son sabon hoton katin, don na farkon lambar ba ta fito sosai ba. Aka yi kiran bidiyo na ƴan mintoci. Kwana 19 bayan saƙon farko aka buɗe kontin, 420 ɗin nan suka fito bayan cire kason dandali, har da awoyi ukkun hannu tunda kiliyan bai musa su ba. Da ya musa, da dala 36 ɗin nan ba mai tilasta shi. Amma kashi na ukku, na 120, bai samu ba. Kiliyan ya ce mishi a baki ya fara, zai zuba kuɗin daga baya, bai zuba ba, kuma cikin kwanakin binciken ya ba wani aikin. Dandali ba ya riƙe da ko dala ɗaya na wanga kashi, don haka ba abin da zai saki. Shaida tana fito da kuɗin da ke hannun dillali, ba ta fito da wanda bai taɓa shiga hannunshi ba.

Ga wanda kontinshi ke lafiya yau, abin yi kaɗan ne kuma ba ya cin kuɗi. Ka ɗauko katinka, ka buɗe dandali, ka buɗe takardar banki ko Payoneer in da shi kake karɓa, ka gwada suna da ranar haihuwa harafi da harafi, in sun saɓa ka nemi gyara tun ba a tambaye ka ba. Kowane kontaragi ka buɗe mishi jakar fayil tashi, da abin da aka aiko, da abin da ka miƙa, ka kwafe ta a kile ko katin waya, domin ranar da aka rufe konti mai yiwuwa ba za ka iya ganin saƙonninka ba. Duk yarjejeniyar da aka yi a waya, ka maimaita ta a rubuce cikin dandali a ranar. Kada ka fara kashin da ba a zuba kuɗinshi ba. Kuma da kuɗi sun nuna, ka fitar da su, dandali ba rumbu ba ne.

Wanda ke cikin wanga hali yanzu, a Keita ne ko Buza ko Madawa, kada ya sa hoton katinshi ko lambar kontinshi a bainar jama'a don neman taimako. Ya karanta saƙon da aka aiko mishi, ya ɗauko kaye, ya fara da tambayar mi ya canza a watan da ya wuce. Allah ya sa albarka a nema, ya fitar wa kowa da haƙƙinshi. Sai mun haɗu a shiri na gaba.